Harajin Ribar Kadara: Yadda Za Ka Lissafa Ribarka Idan Ka Sayar da Gida ko Fili a Abuja

Wanda ya sayi fili a Kubwa ko Lugbe shekaru goma sha biyar da suka wuce, ya gina shi, yau kuma yake shirin sayarwa, yakan zaci cewa hukuma za ta ɗora masa haraji a kan dukkan kuɗin da mai saye ya ba shi. Ba haka doka ta tsara ba. Harajin yana hawa ne kan riba kaɗai, wato abin da ya saura bayan an cire kuɗin da aka sayi kadarar da wasu kuɗaɗen da doka ta yarda a cire. Matsalar ita ce, ribar da hukuma ke gani ba lallai ta zama daidai da wadda kai ka sani a zuciyarka ba, domin hukuma tana amincewa ne da kuɗin da ka iya nuna shaidar kashe shi. Saboda haka mafi yawan aikin yana cikin tattara takardu, lissafin kansa kuwa ba ya wuce shafi guda.

Matakin farko: gano dokar da ta shafi cinikinka

Daga 1967 zuwa ƙarshen 2025 Najeriya ta kasance da dokar harajin ribar kadara mai zaman kanta, kuma shekaru da dama kuɗin harajin bai wuce kashi 10 cikin 100 na ribar ba, ko mai sayarwa attajiri ne ko ɗan fansho. A watan Yunin 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji, waɗanda suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026. Sabuwar dokar ta soke tsohuwar, ta mayar da ribar kadara wani ɓangare na kuɗin shigar mutum na shekara. Ma'ana, ana haɗa ribar da albashinka da kuɗin hayar da kake karɓa da ribar kasuwancinka, sannan a yanka haraji a kan jimillar bisa matakan harajin kuɗin shiga, waɗanda suke tashi daga sifili zuwa kashi 25 cikin 100.

Don haka ranar da aka sayar ita ce ke nuna wace doka za a bi, ba ranar da ka saya ba. Gidan da aka saya a 2009 aka sayar a Nuwamban 2025 yana ƙarƙashin kashi 10 na tsohuwar doka, amma idan cinikin ya faɗa a Fabrairun 2026, sabuwar doka ce ke aiki a kan dukkan ribar. Abin da ake dubawa a ka'ida shi ne ranar da aka ƙulla yarjejeniyar cinikin, ba ranar da aka kammala rajistar sauya suna ba, wadda kan ɗauki watanni. Wannan ya sa kwanan watan da ke jikin takardar ciniki yake da nauyi, kuma mayar da shi baya da gangan domin a kauce wa sabuwar doka zamba ce wadda bayanan banki ke saurin tonawa.

Idan takardar mallakar tana ɗauke da sunan kamfani ne, lissafin ribar iri ɗaya ne, sai dai kuɗin harajin ya koma na kamfanoni, wato kashi 30 cikin 100 ga kamfanin da bai shiga sahun ƙanana ba, kuma hukumar tarayya ce ke karɓa, wadda a da ake kira FIRS, yanzu kuma NRS. Bayanin da ke tafe ya taƙaita ne ga mutum ɗaya mai sayar da kadararsa.

Mataki na biyu: duba ko gidan zamanka ne

Kafin ka ɗauki alƙalami, tambayi kanka ko gidan da za ka sayar shi ne wanda kake zaune a ciki da iyalinka. Doka ta yafe haraji a kan ribar gidan zaman mutum, haɗe da filin da ke manne da shi har zuwa eka ɗaya, wato kimanin murabba'in mita 4,047, muddin ba kasuwanci ake yi a filin ba. Tsohuwar doka ma ta yi wannan rangwame. Abin da sabuwar ta ƙara shi ne iyaka: sau ɗaya mutum zai ci moriyarsa a rayuwarsa. Wanda yake da ƙaramin gida a Kuje da yake shirin sayarwa bana, kuma yake hangen wata rana zai sayar da babban gida a Gwarimpa, ya kamata ya yi nazari kafin ya kashe damarsa a kan ƙaramar riba.

Rangwamen bai shafi fili marar gini ba, bai shafi gidan haya ba. Idan gidan rabi zama ne rabi shaguna, ana raba ribar, ɓangaren kasuwanci ya biya haraji. Hukuma za ta nemi abin da ke nuna da gaske a nan kake zaune, kamar takardun kuɗin wuta da na ruwa da adireshin da ke rajistarka ta haraji, don haka kwana biyu da kwashe kaya zuwa gidan haya kafin a sayar ba zai mai da shi gidan zama ba.

Mataki na uku: tattara abin da doka ta yarda a cire

A nan ne ake cin riba ko a yi asara, kuma a nan ya dace mai sayarwa ya daɗe. Kuɗaɗen da ake cirewa sun kasu gida huɗu a zahiri. Akwai kuɗin sayen kadarar da hidimomin da suka biyo shi, irin su la'adar dillali, kuɗin lauya, kuɗin safiyo, harajin kan sarki da kuɗin rajista. Akwai kuɗin da aka kashe wajen ƙara wa kadarar daraja, kamar gini, katanga, rijiyar burtsatse ko ƙarin ɗakuna. Akwai kuɗin da aka kashe wajen tabbatar da mallaka ko kare ta, misali kuɗin neman takardar C of O ko kuɗin shari'a da wanda ya yi maka kutse. Sai kuma hidimomin sayarwa, wato la'adar dillalin da ya kawo mai saye, kuɗin lauya, kuɗin mai ƙimanta kadara da kuɗin talla.

Kashi na biyu yana da sharaɗi wanda mutane da yawa ba su sani ba: dole ne aikin ya kasance yana nan a jikin kadarar a ranar sayarwa. Idan ka gina ɗakin maigadi a 2011 ka rushe shi a 2018, kuɗinsa ya tafi, ba za a cire maka shi ba. Haka nan akwai bambanci tsakanin ƙari da gyara. Sabon bene ƙari ne, amma fentin da ake sabuntawa duk lokacin da ɗan haya ya tashi, da sauya famfon da ya lalace, da toshe yoyon kwano, duk gyara ne. Irin waɗannan ana cire su ne daga kuɗin haya a shekarar da aka kashe su, ba a ɗora su kan kuɗin kadara. Harajin ƙasa na shekara-shekara da kuɗin inshora su ma hidimomin yau da kullum ne, ba sa shiga wannan lissafi.

Sai maganar da ta fi ci wa masu tsofaffin kadarori tuwo a ƙwarya, wato faɗuwar darajar naira. A 2009 dala ɗaya tana kusan naira 150, yau kuwa ta haura naira 1,000 da nisa, amma doka ba ta ba ka damar ɗaga tsohon kuɗinka zuwa darajar yau ba. Miliyan uku ta 2009 miliyan uku ce a takardar lissafi. A ganina wannan shi ne babban rauni a tsarin, domin wani kaso mai yawa na abin da ake kira riba hauhawar farashi ne kawai. Duk da haka doka ke nan, kuma abin da ya rage wa mai sayarwa shi ne kada ya bar ko da naira ɗaya ta halal a waje.

Shaida kuwa ba rasit kaɗai ba ce. Yawancin masu gini a Abuja da kansu suke sayen siminti da rodi da bulo, su biya birkila da kafinta hannu da hannu, kuma bayan shekaru goma sha biyu babu wanda ke da waɗannan takardu a cike. Wanda ya sami kansa a haka ya nemi bayanan asusunsa na waccan shekara daga banki, ya fito da zanen ginin da aka amince da shi, da yarjejeniyar ɗan kwangila idan akwai, da hotunan aikin. Sannan ya ɗauki ƙwararren mai ƙididdigar kuɗin gini mai rajista ya rubuta rahoton abin da irin wannan gini zai ci a shekarar da aka yi shi, da farashin wancan lokaci. Rahoton ba ya ɗaure jami'in haraji, amma ya fi maganar baka nauyi nesa ba kusa ba, musamman idan alƙalumansa sun yi daidai da kuɗin da suka fita daga asusunka.

Mataki na huɗu: lissafa ribar

Tsarin lissafin shi ne kamar haka:

```
riba = kuɗin sayarwa − hidimar sayarwa − (kuɗin saye + hidimar saye + ƙari + kare mallaka)
```

Mu ɗauki misalin wani ma'aikaci mazaunin Abuja da ya sayi fili a Kubwa a 2009 a kan naira 3,000,000. Ya biya dillali 150,000, lauya 150,000, rajista da harajin kan sarki kuma 200,000, wato filin ya tsaya masa a kan 3,500,000. Tsakanin 2012 da 2013 ya gina gidan haya da ya ci 14,000,000, ya ƙara katanga da rijiyar burtsatse a kan 1,500,000. A 2016 wani ya fito yana iƙirarin filin nasa ne, aka je kotu, shari'ar ta ci masa 1,000,000 kafin ya yi nasara. Idan aka tara duka, gidan ya tsaya masa a kan naira 20,000,000.

A 2026 ya sayar da gidan a kan naira 80,000,000. Dillali ya karɓi kashi 5 cikin 100, wato 4,000,000, lauya ya karɓi 800,000, mai ƙimanta kadara kuma 200,000, hidimar sayarwa ta kama 5,000,000 ke nan. Idan aka cire 5,000,000 daga 80,000,000 saura 75,000,000, idan kuma aka cire 20,000,000 daga wannan, ribar da haraji zai hau kanta ta zama naira 55,000,000. Ka lura cewa kuɗin hayar da ya karɓa cikin waɗannan shekaru bai shigo nan ba ko kaɗan, domin harajinsa daban ne, kuma a shekarunsa ya kamata a biya shi.

Mataki na biyar: ɗora haraji a kan ribar

Da a ce cinikin ya faɗa kafin ƙarshen 2025, da aikin ya ƙare a layi ɗaya: kashi 10 cikin 100 na 55,000,000, wato naira 5,500,000. A ƙarƙashin sabuwar doka sai an bi matakan harajin kuɗin shiga na shekara, waɗanda suke kamar haka:

Naira 800,000 na farko babu haraji.
Naira 2,200,000 na gaba, kashi 15 cikin 100.
Naira 9,000,000 na gaba, kashi 18 cikin 100.
Naira 13,000,000 na gaba, kashi 21 cikin 100.
Naira 25,000,000 na gaba, kashi 23 cikin 100.
Duk abin da ya haura naira 50,000,000, kashi 25 cikin 100.

Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne mutum ya ɗauki ribar ita kaɗai ya fara hawa da ita daga matakin ƙasa, alhali albashinsa ya riga ya cinye waɗannan matakai masu sauƙi. A ce mutumin namu yana da sauran kuɗin shiga na naira 6,000,000 a shekarar, bayan an cire fansho da sauran abin da doka ta yafe. Wannan kuɗi ya cike matakin farko da na biyu, ya kuma ci 3,000,000 daga na uku. Ribar gidan za ta fara ne daga inda ya tsaya.

Saura 6,000,000 a mataki na uku, harajinsu a kashi 18 ya kama 1,080,000. Sai 13,000,000 a kashi 21, wanda ya ba da 2,730,000. Sai 25,000,000 a kashi 23, wato 5,750,000. Zuwa nan an ci 44,000,000 daga ribar, saura 11,000,000 da suka haye matakin ƙoli, harajinsu a kashi 25 kuma 2,750,000 ne. Jimillar harajin da sayar da gidan ya jawo ita ce naira 12,310,000, kimanin kashi 22 cikin 100 na ribar, fiye da ninki biyu na abin da zai biya a tsohuwar doka.

Akwai hanyar tabbatar da cewa ba a yi kuskure ba. Lissafa harajin jimillar kuɗin shigar, wato 61,000,000, za ka sami 13,180,000. Lissafa harajin 6,000,000 shi kaɗai, za ka sami 870,000. Bambancin da ke tsakaninsu dole ya zama 12,310,000, idan bai zama ba to an tsallake wani mataki.

Yanzu a duba abin da rashin takarda ke jawowa. Idan jami'in haraji ya ƙi amincewa da naira 14,000,000 na ginin saboda babu shaida, ribar za ta tashi zuwa 69,000,000, kuma dukkan ƙarin yana matakin kashi 25. Wato mutumin zai biya ƙarin naira 3,500,000 a kan kuɗin da ya tabbata ya kashe. Ga mai riba irin wannan, kowace naira huɗu da ya kasa kawo shaidarta tana ci masa naira ɗaya, don haka kuɗin da zai biya mai ƙididdiga ya rubuta rahoto ba asara ba ne.

Idan yanki kawai ka yanka ka sayar

Mai babban fili yakan yanki rabi ya sayar ya riƙe rabi. A nan ba a raba tsohon kuɗin saye bisa faɗin ƙasa, ana raba shi ne bisa daraja a ranar sayarwa:

```
kason kuɗin saye = kuɗin saye × A ÷ (A + B)
```

A shi ne kuɗin yankin da aka sayar, B kuma darajar yankin da ya saura a kasuwa. Idan filin gaba ɗaya ya tsaya maka a kan 4,000,000, ka sayar da rabin baya a kan 18,000,000, rabin da ke bakin titi kuma aka ƙimanta shi a kan 22,000,000, kason da za ka cire shi ne 4,000,000 sau 18 a raba da 40, wato 1,800,000, ba 2,000,000 ba. Sauran 2,200,000 suna jiran ranar da za ka sayar da ɗaya rabin. Ajiye rahoton ƙimar, domin da shi za a yi lissafi na biyu ko bayan shekaru nawa ne.

Mataki na shida: inda ake biya da abin da ake kai wa

Harajin mutum yana bin inda yake zaune. Mazaunin Abuja yana hulɗa ne da hukumar tara kuɗin shiga ta Babban Birnin Tarayya, wato FCT-IRS, mazaunin Jos kuma da hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Filato, ko da gidan da ya sayar yana Abuja. Sai dai rajistar ƙasa tana bin inda kadarar take. A ƙarƙashin dokar amfani da ƙasa ta 1978, sauya mallaka yana buƙatar amincewar gwamna, a Abuja kuma ta Ministan Babban Birnin Tarayya, kuma takardun suna bi ta ofishin AGIS mai kula da bayanan filayen Abuja. Shaidar biyan haraji tana cikin abin da ake nema a irin wannan rajista. Wanda yake zaune a wata jiha yana sayar da kadara a wata ya sa lauyansa ya tantance a rubuce wace hukuma ce za ta karɓa kafin ya biya, domin dawo da kuɗin da ya shiga asusun da ba nasa ba aiki ne mai cin rai.

Za ka je da lambar harajinka, da takardar cinikin da ka saya da wadda ka sayar, da takardar mallaka, da shafin lissafinka, da duk shaidun kuɗin da ka cire, a jere bisa shekaru. A tsohuwar doka, bayan gyaran da aka yi mata a 2020, mai sayarwa ne ke lissafa harajinsa ya biya kafin 30 ga Yuni ko 31 ga Disamba na shekarar cinikin. Yanzu da ribar ta shiga cikin kuɗin shiga, ana bayyana ta a cikin bayanin haraji na shekara wanda ake miƙawa kafin 31 ga Maris na shekara mai biyowa. Ma'aikaci kada ya ɗauka cewa abin da ake cire masa daga albashi ya wadatar, domin ofishinsa bai san ya sayar da gida ba. Abin da ya fi hikima shi ne a ware kuɗin harajin a wani asusu tun ranar da kuɗin ciniki ya shigo, kafin a zuba shi a wani sabon gini. Biya kuma ya kasance ta hanyar da hukuma ta tanada, a karɓi rasit mai sunan mai sayarwa, ba a damƙa kuɗi a hannun wani mai cewa zai daidaita lamarin ba.

Idan hukuma ta aiko da adadin da ya zarce lissafinka, kana da kwanaki 30 daga ranar da takardar ta same ka ka rubuta ƙorafi, ka faɗi adadin da ka yarda da shi da dalilanka. Idan ba a daidaita ba, akwai kotun ɗaukaka ƙarar haraji. Wanda ya yi shiru har wa'adin ya wuce, adadin ya tabbata a kansa.

Farashin da ake rubutawa a takarda

Al'ada ce sananniya a kasuwar filaye mai saye da mai sayarwa su yarda a rubuta ƙaramin farashi a takarda domin rage kuɗin rajista. Wanda ya yi haka a 2009, ya biya 3,000,000 amma aka rubuta 1,000,000, yau zai tarar cewa abin da aka rubuta shi ne kuɗin sayensa a idon hukuma, kuma a misalin da muka bi, wannan giɓi na 2,000,000 zai ci masa naira 500,000. Haka zai faru da mai sayenka idan kuka rage farashi yau, domin kai ne za ka ji sauƙi, shi kuma ya gaji ribar da ba tasa ba ranar da ya tashi sayarwa. Ban da wannan, hukuma tana da ikon ajiye farashin takarda ta yi aiki da darajar kasuwa idan cinikin bai yi kama da na gaskiya ba, kuma haka take yi idan tsakanin makusanta ne. Wanda ya sayar wa ƙaninsa gidan miliyan 80 a kan miliyan 30 yana iya tarar da haraji a kan kuɗin da bai taɓa karɓa ba.

A doka, harajin ribar yana wuyan mai sayarwa ne, harajin kan sarki da kuɗin rajista kuma yawanci mai saye ke ɗauka. A aikace kuwa mai sayarwa yakan karɓi kuɗinsa ya yi gaba, sai mai saye ya je rajista a nemi shaidar biyan harajin da ba nasa ba. Maganin wannan shi ne a rubuta a cikin yarjejeniyar ciniki wanda zai biya kowane haraji da ranar da mai sayarwa zai miƙa shaidar biya, lauya kuma ya riƙe wani kaso na kuɗin cinikin daidai da harajin da aka lissafa har sai shaidar ta iso hannun mai saye.